Me ya sa lambar bel take fin lambar ƙugun wando girma? Tambayoyi da amsoshi

Mutum zai shiga kasuwa ya ce lambar wandona 34 ce a ba ni bel 34, a ba shi, ya je gida ya saka sai ya ga da ƙyar ya kamo hudar ƙarshe, wani ma bai kamo ba sam, sai ya koma yana faɗa da mai shago wai an cuce shi. Gaskiya yawanci ba cuta ba ce, lambobin biyu ne ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan wannan, da amsar kowacce.

Tukuna dai, inci nawa ake ƙarawa?

Inci 2 a kan lambar wando, wannan ita ce ƙa'idar da masu sayar da bel suka fi bi. Mai wando 32 ya ɗauki bel 34, mai 34 ya ɗauki 36, mai 38 ya ɗauki 40, haka dai. In lambar wandonka ba ta rabuwa biyu, kamar 33 ko 35, toh yawancin bel ana yin su ne 32, 34, 36, ana tsallake ɗaya, sai ka ƙara 3 ka hau ta sama, wato mai 33 ya ɗauki 36. Gara ya ɗan yi maka yawa, don wanda ya yi yawa ana iya rage shi, wanda ya gaza kuwa babu yadda za a yi da shi.

Toh ai ƙugu ɗaya ne, ta ina ƙarin yake fitowa?

Ƙugu ɗaya ne amma ba wuri ɗaya suke zagayawa ba. Wando yana zagaye jikinka ne kusan kai tsaye, shi kuma bel yana zagaye wandon ne da duk abin da ke ƙarƙashinsa. Ka lissafa: akwai gajeren wando na ciki da robarsa, akwai singileti, akwai riga in ka yi zanzaro, sannan ga ƙugun wandon kansa wanda ba falle ɗaya ba ne, yadi ne ninki biyu ko fiye, wani da abin ƙarfafawa a tsakiya, na jins kuwa kowa ya san kaurinsa. Duk wannan bel sai ya bi ta bayansu.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ɗan kauri kaɗan yana jawo tsawo mai yawa idan zagaye ake yi. Kamar shataletale ne, motar da ta bi layin waje ta fi wadda ta bi layin ciki yin tafiya duk da wuri ɗaya suka zagaya. A lissafi, duk kaurin da aka ƙara a jikin abin da ake zagayawa, tsawon zagayen yana ƙaruwa da ninki shida da ɗan ɗoriya, wato `2 × 3.14 × kauri`. Kenan milimita 4 kacal na tufafi, wanda in ka matsa shi da yatsu biyu za ka ce ba komai ba ne, yana ƙara milimita 25, kusan inci guda kenan. Kuma wannan lissafin bai damu da girman mutum ba, siriri da mai jiki duk ƙarin ɗaya ne in kaurin kayan ɗaya ne.

Sai kaurin bel ɗin kansa. Bel na fata mai kyau yana kai milimita 3 zuwa 4, kuma idan ka lanƙwasa shi, cikinsa yana matsewa bayansa yana miƙewa, ainihin tsawonsa yana tsakiyar kaurin ne, don haka rabin kaurinsa ma yana shiga lissafi. Shi ya sa bel mai kauri irin na masu aikin ƙarfi yake jin kamar ya fi siriri gajarta ko da a shimfiɗe tsawonsu ɗaya.

Amma ni na lissafa, kaurin kaya bai kai inci 2 ba. Ina sauran?

Ka yi gaskiya malam, kaurin kaya shi kaɗai ba ya cika inci 2 a mafi yawan lokuta. Sauran yana cikin lambar wandon ne, don lambar da aka rubuta a jikin wandon kanti ba lallai ita ce ainihin awonsa ba. Kamfanoni da yawa suna ɗinka wando ya fi abin da suka rubuta faɗi, a rubuta 34 amma in ka sa tef ka samu 35 ko 36, wani ma fiye. Wani ɓangare na wannan sararin sakewa ne da dole a bari don mutum ya iya zama ya sunkuya, wani ɓangaren kuma dabarar kasuwa ce kawai, sun san mai saye yana jin daɗi in ya ga ƙaramar lamba ta shige shi. Shi kuma bel ba a cika yi masa wannan wasan ba, abu ne miƙaƙƙe, in an rubuta 36 yawanci za ka samu 36 ɗin ko kusa da haka. Kaga kenan lambar wando tana ƙasa da gaskiya, ta bel tana kan gaskiya, dole a samu tazara.

Akwai kuma wurin zaman wandon. Wandunan yanzu, musamman jins, ba a kan cibiya suke zama ba, suna sauka ƙasa ne wajen ƙashin kwankwaso, kuma a jikin mutane da yawa nan ɗin ya fi ainihin ƙugu faɗi. Wani kamfanin yana rubuta lambar ne bisa ƙugun mutumin da aka yi wandon dominsa, alhali bakin wandon an yanka shi da faɗin ƙasa inda zai zauna. Bel kuma inda wandon ya zauna nan zai bi.

Dan Allah a ba mu misali da lambobi, a bi shi daki-daki.

Toh mu ɗauki mutum mai sa jins da aka rubuta W34 L32 a jikinsa. W ɗin ƙugu ne, L ɗin tsawon ƙafa, mu da na farkon muke. Ya tuɓe ya zagaya tef a jikinsa daidai inda wandon yake zama, bai ja ciki ba bai kuma matse tef ɗin ba, sai ya samu inci 35. Tun a nan an riga an samu inci 1 tsakanin lamba da jiki.

Yanzu a ɗora kaya. Gajeren wando da singileti da rigar zanzaro, a ce duk sun haɗu sun ba da milimita ɗaya da rabi. Ƙugun jins ɗin, milimita biyu da rabi. Rabin kaurin bel mai milimita 4, wato milimita 2. Jimla milimita 6. Ka ninka da 6.28 ka samu kusan milimita 38, inci ɗaya da rabi kenan. Ka haɗa da 35 ɗin farko, ya zama 36 da rabi.

Amma ai ba wanda yake ɗaura bel sako-sako kamar yadda ake riƙe tef, ana ɗan ja ne har ya danne yadin da naman jiki kaɗan, wannan jan yana cinye kamar rabin inci. Sai ka dawo 36. Shikenan, mai wando 34 ya faɗa a bel 36, kuma ka ga ba wani sihiri a ciki, inci 1 daga lambar wando, inci ɗaya da rabi daga kauri, a cire rabi na matsewa. Waɗannan lambobin na misali ne, naka za su ɗan bambanta da irin yadin da kake sawa, amma hanyar lissafin ita ce wannan.

Ita lambar bel ɗin daga ina zuwa ina ake auna ta? Ni na auna nawa daga farko zuwa ƙarshe na samu 43 alhali 36 aka rubuta.

Nan ne wurin da ya fi rikita mutane, kuma wallahi ko cikin masu sayarwa akwai waɗanda ba su sani ba. Lambar bel ba tsawonsa gaba ɗaya ba ne. Ana aunawa ne daga wajen kan bel ɗin, wato ƙarfen, zuwa hudar tsakiya. Yawancin bel huda biyar ne da su, tsakanin kowace huda da 'yar'uwarta inci 1, kenan ta uku ita ce ta tsakiya kuma ita ce lambar. Bel 36 yana nufin huda ta uku tana kan 36, biyu na ciki 34 da 35, biyu na waje 37 da 38. Daga hudar tsakiya zuwa ƙarshen jela kuma ana barin kamar inci 6. Kaga 36 da 6 sun ba da 42, ka ƙara ƙarfen kan, ga 43 ɗinka nan. Bel ɗinka lafiyarsa ƙalau.

Sai dai akwai ɗan saɓani a wajen farawa. Wasu masu yin bel suna fara awo daga inda fatar ta naɗe ta rungumi ƙarfen, wasu kuma suna haɗawa da ƙarfen, su fara daga inda tsinken yake kwanciya a bakinsa. Bambancin yana kai inci 1 ko fiye gwargwadon tsawon ƙarfen. Idan ka ɗaura bel ka duba da kyau za ka ga hudar tana zama ne kusa da bakin ƙarfen na gaba, ba wajen naɗin fatar ba, wato tsawon ƙarfen yana cikin abin da ya zagaye ka. Saboda haka bel biyu duk a rubuta 36, ɗaya ya fi ɗaya sakewa, kuma in daga naɗin fata aka fara awon, mai dogon ƙarfe zai fi sakewa. In a intanet za ka saya, ka nemi inda mai sayarwa ya nuna daga ina yake fara awo, in bai nuna ba ka tambaye shi kafin ka tura kuɗi.

Me ya sa sai hudar tsakiya? In ta ƙarshe ta kama ai ya yi.

Ya kama amma bai yi ba. Jikin mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya, da safe daban bayan an ci tuwo daban, a watan azumi mutane da yawa suna sauka huda ɗaya ko biyu, bayan sallah su koma. Ranar da ka yi zanzaro daban da ranar da ka saki riga. In kana tsakiya kana da huda biyu ta kowane ɓangare, in kana ta ƙarshe kuwa ranar da ka ƙara ko rabin inci bel ɗin ya tashi aiki. Sannan jelar da ta rage ba za ta kai madaukin wando na farko ba, sai ta riƙa tsayawa a miƙe tana ɗaga riga.

Yaya zan gane wanda nake sawa yanzu ya yi min kaɗan ko ya yi yawa?

Ka cire shi ka duba hudojin, wadda kake amfani da ita za ta nuna kanta, ta ɗan buɗe kuma akwai shatin ƙarfe a kusa da ita. In ta uku ce ko maƙwabciyarta, lambar ta yi. In ta ƙarshe ce wajen jela, musamman in ta yage ta koma doguwa, ya yi kaɗan kuma kana matse shi da yawa. In ta farko ce ta ciki ko har ka ƙara huda da ƙusa, jelar kuma tana wuce madauki na biyu tana neman bayanka, ya yi yawa.

Wandon tela fa? Shi ma a ƙara inci 2?

Nan sai an yi hankali. Tela da tef ya auna ka, in ya rubuta 35 a littafinsa toh 35 ɗin ne jikinka, babu wancan ragin na kamfani. Kenan abin da ya rage kaurin kaya ne kawai, kuma yadin wandon kwat ko na yunifom bai kai jins kauri ba. Inci 1 zuwa ɗaya da rabi yakan isa. Wanda tela ya auna 35 yawanci bel 36 zai yi masa, ba sai ya je 38 ba. Shi kuwa wandon kaftani na shadda da ake sa wa tazuge ko roba ba ya cikin wannan maganar gaba ɗaya, an yanka bakinsa da faɗi sosai ne don a tattare, kar ka auna shi ka ce za ka sayi bel da wannan awon.

Na ga wasu an rubuta 90, 95, 110, 120. Waɗannan kuma fa?

Santimita ne, inci ɗaya santimita 2.54 ne. Amma kashi biyu ne kuma dole ka san wanne ke hannunka. Bel ɗin Turai, irin na Italiya da Faransa da Jamus, suna rubuta 85, 90, 95, 100, kuma awon zuwa hudar tsakiya ne. 90 ya yi daidai da inci 35 da kusan rabi, 95 inci 37 da kusan rabi, 100 kuma inci 39 da kusan rabi. Mutumin misalinmu mai buƙatar 36, wato santimita 91 da ɗoriya, 90 zai fi kusa da shi, in yana son sarari ya ɗauki 95.

Kashi na biyu su ne da yawa daga cikin 'yan Chana da suka cika kasuwanninmu, waɗanda za ka ga 105, 110, 115, 120, 125. Su yawanci tsawon fatar gaba ɗaya suke rubutawa. Don ka gane inda zai kama ka, sai ka cire kamar santimita 15 na jela, kenan 105 ya koma 90, 110 ya koma 95. Mutum in bai san wannan ba sai ya ga 110 ya ce wannan ai na ƙato ne, alhali na mai wando 35 ko 36 ne. Hanya mafi sauƙi ka ari tef a shagon ka auna daga ƙarfe zuwa huda ta uku, minti ɗaya ba zai ɗauke ka ba.

Haka ma a wandon kwat, in ka ga 48, 50, 52 a na Italiya ko Turkiyya, ba inci ba ne ba kuma ƙugu ba ne kai tsaye, tsarin lambarsu ne daban, 50 yana wajen 34 na inci. Kar ka ƙara 2 a kan 50 ka je neman bel 52.

Mai tumbi fa, ƙa'idar tana aiki a kansa?

Ya danganta da inda yake ɗaura wando. Wanda yake sauke wandonsa ƙarƙashin tumbi, lambar wandonsa da ƙarin 2 za ta yi aiki don bel ɗin ma nan zai bi. Matsala tana zuwa ne ga wanda yake sa jins a ƙasa amma wandon ofis a kan cibiya, shi tazarar wuraren biyu tana iya kai inci 3 ko 4, ta wuce abin da huda biyar za su ɗauka cikin daɗi. Irin wannan gaskiya bel biyu yake buƙata. Mata ma haka ne, bel ɗin da ake ɗaurawa a kan doguwar riga a saman ƙugu da wanda ake sa wa jins a ƙasa ba awo ɗaya ba ne, kowanne a auna wurinsa.

Yaushe ake ƙara fiye da inci 2?

In za ka saƙala wani abu tsakanin bel da wando ko ka rataya kaya masu nauyi a jikinsa, kamar masu gadi da masu aikin wuta da ke rataya jakar kayan aiki, ko in bel ɗin mai kauri ne sosai mai falle biyu, ko lokacin sanyi da ake cusa riga mai kauri a ciki. A nan 3 ko 4 ya fi. Haka wandon gwanjo da ya sha sawa, ƙugunsa ya saki, lambar da ke jikinsa ta daina nufin komai, tef kawai za ka bi.

Wace hanya ce ta fi tabbas in ba na son dogaro da lambar wando?

Biyu ne. Ta farko ka ɗauki tsohon bel ɗinka da yake maka daidai, ka shimfiɗa shi a kan tebur ka miƙar da shi, ka auna daga ƙarfe zuwa hudar da kake amfani da ita, abin da ka samu ita ce lambarka, ba ƙari ba ragi. Ka auna ta hanya biyu, daga naɗin fata da kuma daga bakin ƙarfe, ka rubuta duka a waya, duk tsarin da mai sayarwa yake bi kana da amsarsa. Kar ka duba lambar da aka buga a bayansa, fata tana miƙewa da daɗewa, wanda aka saya 36 zai iya zama 37 yanzu.

Ta biyu, ka sa wandon da za ka riƙa sa bel ɗin da shi, da rigar da ka saba, ka zura tef ɗin tela ta cikin madaukan wandon kamar bel, ka ja daidai yadda kake son matsi, kana tsaye kana numfashi yadda ka saba. Abin da ya nuna ka ɗaga shi zuwa lamba ta gaba in ya faɗa tsakani, saboda tef siriri ne bai da kaurin fata. Abin da ya kamata a kiyaye a nan, wannan awon ya riga ya haɗa da kaurin kaya, in ka sake ƙara 2 a kai bel zai yi maka yawa. Ƙarin 2 na lambar wando ne kawai.

Na riga na saya ya yi yawa, a yanke jelar?

A'a, kar a taɓa jela in da hali. Ana ragewa ne ta wajen ƙarfe. Bel da yawa kansu da sukuru yake ko da ɗan maƙalli mai haƙora, ka kwance, ka yanke abin da ya yi yawa, ka huda sabon wurin sukurun ka mayar, sai hudoji biyar ɗin da siffar jelar su zauna yadda aka yi su. Lissafin kuma mai sauƙi ne, in kana kan hudar farko ta ciki kana son komawa ta uku, inci 2 za ka cire. Ka fara da cire ƙasa da haka ka gwada, sannan ka ƙara. In kan ɗinkakke ne ka kai wa shumeka ko baduku ya farke ya rage ya mayar. In huda ɗaya kawai kake buƙata, a yi ta da abin huda fata na shumeka, inci 1 daga ta kusa kuma a kan layi, don hudar ƙusa ko wuƙa tana da tsage a gefe kuma daga nan fatar take fara yagewa.

Bel ɗin nan marasa huda, masu ƙaras-ƙaras, su ma sai an ƙara?

Su an yi su ne dogaye don kowa ya yanka daidai shi. A bayan jelar akwai layin haƙora, tsakanin kowanne kamar kwatan inci, shi ya sa suke kama mutum daidai fiye da mai huda. Wasu an buga lambobi a cikin fatar wajen da ake yankewa, kuma a nan ma kar ka yanke a kan lambar wandonka kai tsaye. Ka bar inci 2 ko 3 a sama, ka maƙala kan ka gwada a jikin wandon, in maƙallin ya tsaya wajen tsakiyar layin haƙoran toh ya yi, in jelar ta shige har ta kusa cinye haƙoran duka sai ka cire kan ka ƙara rage inci 1 ka sake gwadawa.